Matsakaicin Maki Da Kunnen Doki A Gasar Rubutu: Inda Lissafi Kan Yaudari Alƙalai

Gasar rubutu tsohuwar aba ce a adabin Hausa, domin gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ita ce ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga da boko. Daga 2016, lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla, sha'awar shirya gasa ta ƙaru ƙwarai, har ta kai ƙungiyoyin marubuta na jihohi da makarantu da zaurukan sada zumunta kowa yana shirya tasa. Kusan duk masu shirya irin waɗannan gasanni sun yarda cewa alƙali ɗaya bai isa ba, saboda haka sukan naɗa uku ko biyar, kowanne ya ba da maki bisa ɗari, sannan magatakarda ya haɗa ya raba da yawan alƙalan, wanda ya fi kowa matsakaicin maki ya zama zakara. Ana ganin wannan hanya ta rufe ƙofar son kai, tunda lissafi ba shi da ɗan uwa. Sai dai akwai yanayin da wannan lissafi yake miƙa wa alƙali guda ikon yanke hukunci shi kaɗai, ba tare da shi ko sauran abokan aikinsa sun ankara ba, kuma yanayin yana faruwa ko da dukkan alƙalan masu gaskiya ne.

Mu ɗauki misali da na tsara lambobinsa da kaina domin a ga abin a fili. Gasar gajerun labarai ce, an yi tankaɗe da rairaya har labarai biyar suka kai zagayen ƙarshe, an cire sunayen marubutansu an maye su da lambobi. Alƙali na farko malamin makaranta ne da ya saba gyaran takardun jarrabawa, wanda a wurinsa maki 70 babban abu ne da ba a cika bayarwa ba. Na biyu ɗan jarida ne mai sakin hannu, wanda ba ya son karya gwiwar marubuci, don haka ba ya sauka ƙasa da 80. Ta uku marubuciya ce mai zafin ra'ayi, idan labari ya burge ta sai ta kai shi sama, idan ya gundure ta kuwa sai ta yi ƙasa da shi babu tausayi.

| Labari | Malami | Ɗan jarida | Marubuciya | Jimilla | Matsakaici |
|---|---|---|---|---|---|
| 31 | 62 | 81 | 92 | 235 | 78.33 |
| 12 | 68 | 86 | 70 | 224 | 74.67 |
| 07 | 66 | 84 | 74 | 224 | 74.67 |
| 44 | 64 | 83 | 55 | 202 | 67.33 |
| 23 | 61 | 80 | 45 | 186 | 62.00 |

Bisa matsakaicin maki, labari mai lamba 31 ne ya lashe gasar da tazara mai kyau, yayin da 12 da 07 suka yi kunnen doki a mataki na biyu. Amma idan aka bi layin kowane alƙali daga sama zuwa ƙasa, za a tarar malami da ɗan jarida, waɗanda ba su ga takardar juna ba, sun jera labaran iri ɗaya sak: 12 ne na ɗaya a wurinsu, 07 na biyu, 44 na uku, shi kuwa 31 na huɗu ne a cikin biyar. Ke nan labarin da alƙalai biyu cikin uku suka ajiye kusa da na ƙarshe shi ne za a kira marubucinsa gaban jama'a a miƙa masa kambu.

Abin da ya jawo haka shi ne faɗin hannun kowane alƙali, wato tazarar da ke tsakanin makinsa mafi girma da mafi ƙanƙanta. Malami ya zuba labarai biyar tsakanin 61 da 68, tazarar maki bakwai. Ɗan jarida ya zuba su tsakanin 80 da 86, tazarar maki shida. Marubuciya kuwa daga 45 ta kai 92, tazarar maki 47. Lokacin da malami ya ce 12 ya fi 31, maki shida kawai ya saka a tsakaninsu, kuma a ma'auninsa wannan shida kusan dukkan faɗin hannunsa ne, wato yana nufin bambancin babba ne. Ɗan jarida ya saka biyar da irin wannan niyya. Da marubuciya ta ce 31 ya fi 12, maki 22 ta saka, kuma 22 ya ninka shida da biyar a haɗe. Jimilla ba ta san cewa maki ɗaya na malami ya fi maki ɗaya na marubuciya nauyi ba, tana ƙirga su ne kamar ƙwayar gyaɗa a mudu, don haka duk alƙalin da ya fi buɗe hannu tsakanin sama da ƙasa shi ne ya fi ƙarfin murya.

Ya kamata a lura cewa sakin hannun ɗan jarida da tsaurin malami ba su cutar da kowa ba a wannan zagaye, tunda kowannensu ya karanta labaran biyar duka, kuma abin da ya ƙara ko ya rage ya shafi kowa daidai wa daida. Mutane sun fi yawan tsegumi a kan alƙali marowaci, alhali shi ba ya canza jerin matakai matuƙar rowar tasa ta game kowa. Inda rowa da sakin hannu suke ɓarna shi ne zagayen farko, lokacin da labarai suka yi yawa aka rarraba su. A ce labarai 300 suka shigo, aka ba kowane alƙali 100, sannan aka ce za a ɗauki 15 mafiya yawan maki zuwa zagaye na gaba. Kusan duk gurbin zai cika ne da labaran da suka faɗo hannun ɗan jarida da waɗanda suka burge marubuciya, ba kuwa za a ga ko ɗaya daga tarin malami ba, tunda gwarzon tarinsa 68 ya samu, abin da bai kai mafi rauni a tarin ɗan jarida ba. Marubuta ɗari sun faɗi tun ranar da aka raba ambulan. Maganin wannan mai sauƙi ne: a raba labaran ta hanyar ƙuri'a, kowane alƙali ya miƙo biyar mafiya kyau daga nasa tarin ba tare da an gwama makinsa da na wani ba, idan kuma hali ya yi, kowane labari ya bi ta hannun mutum biyu. Alamar da magatakarda zai gane cewa an faɗa wannan rami ita ce ya ƙirga daga tarin wa labaran da suka tsallake suka fito, idan ya ga goma sha biyu cikin goma sha biyar daga hannu ɗaya suke, to ma'aunin alƙalan ne ya bambanta.

Wasu masu shirya gasa, da suka ji labarin yadda ake yi a wasannin motsa jiki, sukan ce a jefar da maki mafi girma da mafi ƙanƙanta na kowane labari a yi aiki da abin da ya rage. Gaskiya ne ana yin haka a gasar tsalle cikin ruwa ta Olamfik, inda alƙalai bakwai suke ba da maki, a soke biyu na sama da biyu na ƙasa, a riƙe uku na tsakiya. Amma can alƙalan suna da yawa, kuma an horar da su a kan ma'auni guda daga sifili zuwa goma. Idan aka gwada wannan dabara a teburinmu mai alƙalai uku, maki ɗaya tak zai rage wa kowane labari. Labari na 12 zai rasa 68 da 86 ya tsira da 70, na 07 ya tsira da 74, dukkansu makin marubuciya, shi kuwa 31 zai rasa 62 da 92 ya tsira da 81 na ɗan jarida. An gudu ba a tsira ba, domin 31 ne dai a gaba, kuma yanzu ana gwama makin alƙali ɗaya da na wani alƙalin daban, wanda ya fi na farko muni. Wannan dabara tana da amfani ne daga alƙalai biyar zuwa sama, kuma da sharaɗin hannayensu sun yi kusa da juna.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita a zagayen ƙarshe ita ce a mayar da makin kowane alƙali zuwa mataki kafin a haɗa. Labarin da alƙali ya fifita a kan saura ya samu 1, mai bi masa 2, har zuwa 5, sannan a tara, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba. A misalinmu, labari na 12 ya zo na ɗaya a wurin malami, na ɗaya a wurin ɗan jarida, na uku a wurin marubuciya, jimilla 5. Na 07 ya zo na biyu a wurin kowa, jimilla 6. Na 31 ya zo na huɗu sau biyu da na ɗaya sau ɗaya, jimilla 9, sai 44 da 10, sai 23 da 15. Da wannan lissafi 12 ne zakara, 07 na biyu, 31 na uku, kuma kowane alƙali ya yi magana da murya mai nauyi ɗaya, tunda babu wanda zai iya ba da ƙasa da 1 ko fiye da 5. Dabarar tsohuwa ce, ana danganta ta da Bafaranshen nan masanin lissafi Jean-Charles de Borda, wanda ya gabatar da ita a ƙarni na 18 domin zaɓe. Magatakardan da ke aiki da Excel ko Google Sheets ba ya buƙatar jera labaran da hannu, domin idan makin malami yana layin B daga B2 zuwa B6, wannan ya wadatar:

```
=RANK.AVG(B2,B$2:B$6,0)
```

Amfanin RANK.AVG a kan RANK shi ne idan alƙali ya ba labarai biyu maki ɗaya a mataki na biyu da na uku, kowannensu zai samu 2.5, don haka jimillar matakan alƙalin ba za ta ragu ba.

Wannan hanya ita ma tana da nata aibin, kuma bai dace a ɓoye shi ba. Tana shafe tazara gaba ɗaya, ta yadda labarin da ya fi na bayansa da maki ɗaya da wanda ya fi shi da maki ashirin duk mataki ɗaya ne a tsakaninsu. Marubuciyar nan tana iya cewa, kuma da hujjarta, ita kaɗai ce ta gane cewa 31 labari ne da ba a saba ganin irinsa ba, mai sabon salo da ya girgiza ta, kuma lissafin mataki ya danne shi ya ɗaga labarin da kowa ya ce ba laifi. Wannan ƙorafi ne na gaske a harkar adabi, domin rubutun da ya zo da sabon abu sau da yawa yana raba kan masu karatu, yayin da rubutu mai lafiya yake samun na biyu a wurin kowa, kamar yadda 07 ya samu. Saboda haka ni a ganina magatakarda ya lissafa duka biyun, matsakaicin maki da jimillar mataki, dokar gasa kuma ta faɗi wanda za a yi hukunci da shi. Idan lissafin biyu suka fitar da zakara ɗaya, an huta. Idan suka saɓa kamar yadda suka saɓa a nan, sai alƙalai su zauna, har yanzu ba tare da sanin sunayen marubuta ba, marubuciya ta bayyana abin da ta gani a 31, malami ya bayyana abin da ya sa ya ga 62 ya ishe shi, sannan kowa ya sake jera labaran a asirce sau ɗaya tak, abin da ya fito ya zama hukunci. Sake jerawar a asirce take domin a zaman tattaunawa mai yawan shekaru ko mai babban muƙami yakan rinjayi saura, kuma a al'adarmu yana da wuya ƙaramin marubuci ya musa wa farfesa a bainar jama'a.

Da yawa daga wannan wahala ana iya rage ta tun kafin a fara, tun ran gini ran zane. Maimakon a ce wa alƙali ya ba da maki bisa ɗari kawai, sai a karkasa makin, misali jigo da warwararsa 30, zubi da tsari 25, salo da sarrafa harshe 25, ƙa'idojin rubutu 20, a kuma rubuta abin da kowane mataki yake nufi, wato wane irin labari ne ya cancanci 25 a jigo, wane iri ne 15. Sannan a ɗauko labarai uku da ba sa cikin gasar, alƙalai su ba su maki kowa shi kaɗai, a baje takardun a tebur a kwatanta. A wannan zama ne malami zai ga cewa labarin da ya ba 64 abokinsa 83 ya ba shi alhali ra'ayinsu ɗaya ne, a nan ne kuma za a warware batun karin harshe, wanda yake yawan raba alƙalan Hausa. Marubucin da ya sa tauraronsa Basakkwace yana magana da Sakkwatanci a cikin zance, wani alƙali zai ɗauka gwaninta ce ya ƙara masa, wani zai ɗauka kuskure ne ya rage. Marubuci daga Damagaram ko Maraɗi da ya rubuta ƴ inda marubucin Kano yake rubuta 'y ya bi ƙa'idar da aka koya masa ne a Nijar, kuma idan gasar ta buɗe ƙofa ga marubutan ƙasashen biyu dole a gaya wa alƙalai tun farko cewa wannan ba abin rage maki ba ne.

Akwai kuma ranar da alƙali zai buɗe labari ya gane mai shi duk da an cire suna, domin duniyar marubutan Hausa ƙarama ce, kuma malami yakan gane salon ɗalibarsa daga sakin layi na farko. Abin da ya dace shi ne ya janye daga wannan labari, amma janyewar tana barin gurbi a tebur, kuma yadda aka bi da gurbin yana iya kashe labarin. A ce ɗan jarida ne ya janye daga 07. Idan magatakarda ya rubuta sifili a gurbin, matsakaicin labarin zai faɗo zuwa 46.67, wanda kuskure ne bayyananne. Idan ya bar gurbin babu komai, umarnin `=AVERAGE(B4:D4)` zai tsallake shi ya raba 66 da 74 gida biyu ya ba da 70, kuma wannan ya fi haɗari, domin lambar ba ta da alamar matsala ga mai dubawa. Labarin ya sauko daga 74.67 zuwa 70 ba don wani rauni nasa ba, sai don ya rasa makin alƙali mai sakin hannu wanda sauran labaran suka ci gajiyarsa. Da malami ne ya janye, da labarin ya haura zuwa 79 ya wuce kowa. Abin da ke toshe wannan ɓaraka shi ne alƙalin ko-ta-kwana, mutum na huɗu da zai karanta dukkan labaran zagayen ƙarshe tun farko, ya ba da makinsa a rufaffen ambulan da zai zauna a hannun magatakarda. Idan wani ya janye, sai a cire layinsa gaba ɗaya daga kan dukkan labaran a saka na ko-ta-kwana, domin kowane labari ya kasance idanu iri ɗaya ne suka auna shi. Kiran sabon alƙali ya karanta labari ɗaya kacal bai magance komai ba, tunda ba a san nauyin hannunsa ba.

Sai batun kunnen doki, wanda shi ne ya fi jawo wa masu shirya gasa zargi. Abu na farko shi ne a tabbata canjaras ɗin na gaske ne, domin da yawansa magatakarda ne yake ƙirƙirarsa da kalkuletar wayarsa lokacin da ya share abin da ke bayan ɗigo. Da alƙalai uku, jimillar 224 tana ba da 74.67, ta 225 tana ba da 75.00, ta 226 tana ba da 75.33, kuma idan aka cike su zuwa lamba cikakkiya duka ukun 75 za su zama. Don haka a riƙa kwatanta jimilla, a bar cike lamba sai wajen sanarwa. Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ya kamata mai gaskiya ya amsa: bambancin maki ɗaya cikin 300 bai nuna wani labari ya fi wani ba, domin alƙalin da ya ba da 84 da safe yana iya ba da 83 da yamma bayan ya gaji. Gasar da take son kaucewa wannan tana iya rubutawa a dokarta cewa duk labarai biyun da tazarar jimillarsu ba ta wuce maki uku ba za a ɗauke su kunnen doki a bi da su ta hanyar raba gardama. Ko an zaɓi wannan ko ba a zaɓa ba, a rubuce zai kasance kafin a buɗe ambulan na farko.

A teburinmu kunnen dokin 12 da 07 na gaske ne, 224 da 224. Matakin farko da ya fi dacewa shi ne a manta da sauran labaran a tambayi takardar kowane alƙali wanne ya fifita tsakanin biyun. Malami ya ba 12 maki 68 ya ba 07 maki 66, ɗan jarida ya ba su 86 da 84, marubuciya kuwa ta fifita 07 da 74 a kan 70. Biyu da ɗaya ke nan, 12 ya wuce. Kyawun wannan mataki shi ne ba ya buƙatar a sake tuntuɓar kowa, hukuncin yana cikin takardun da aka riga aka sa wa hannu lokacin da babu wanda ya san za a yi canjaras, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa ake son yawan alƙalai ya zama mara, uku ko biyar. Idan wani alƙali ya ba labaran biyu maki ɗaya har aka tashi ɗaya da ɗaya, sai a koma ga sashen da dokar gasa ta ayyana a matsayin mafi muhimmanci, a gasar labari yawanci jigo da warwararsa, a ga wanda ya fi jimilla a nan. Idan har yanzu ba a rabu ba, sai a buɗe ambulan ɗin alƙalin ko-ta-kwana.

Akwai hanyoyi biyu da ake yawan bi waɗanda ban ga adalcinsu ba. Ta farko ita ce a ce shugaban alƙalai ya raba gardama, alhali ya riga ya ba da makinsa, wanda yake nufin an ba mutum ɗaya ƙuri'a biyu, kuma kowa ya san ɓangaren da zai bi tun kafin ya buɗe baki. Idan ana son shugaba ya riƙe wannan iko, to kada ya ba da maki tun farko. Ta biyu ita ce a fifita wanda ya riga aiko da labarinsa, abin da ba shi da alaƙa da ingancin rubutu, kuma yana hukunta marubuciyar ƙauye da sai ta jira ranar kasuwa ta shiga gari ta sami intanet, ko wanda ya tsaya tace labarinsa har ranar ƙarshe da doka ta ba shi dama.

Idan labarai uku ne suka yi canjaras, gwama su biyu-biyu yana iya kai wa ga zagaye marar ƙarshe. A ce malami ya jera su 12, 07, 31, ɗan jarida ya jera su 07, 31, 12, marubuciya ta jera su 31, 12, 07. Alƙalai biyu sun fifita 12 a kan 07, biyu sun fifita 07 a kan 31, biyu kuma sun fifita 31 a kan 12, jimillar matakin kowanne kuma shida ce. Wani Bafaranshen, Condorcet, ya bayyana wannan sarƙaƙiya a 1785, kuma ba kuskuren magatakarda ba ce, haka ra'ayoyin suka zo. A irin wannan hali sai sashen da aka ayyana ko ambulan na huɗu ya yi aiki, in kuwa su ma ba su raba ba, dole dokar gasa ta riga ta faɗi ko ana raba kyauta ko ba a rabawa.

Wannan tambaya ta ƙarshe ta taɓa kunyata manyan gasanni. Kyautar Booker ta Birtaniya, bayan an raba ta tsakanin marubuta biyu a 1992, ta kafa dokar cewa mutum ɗaya ne zai riƙa lashe ta, amma a 2019 alƙalanta suka ƙi bin dokar suka sake raba ta gida biyu, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa, kuma mafi yawan sukar ta faɗa ne a kan karya dokar da aka riga aka sanar. Gasar da ta yarda da rabawa sai ta bayyana yadda za a yi lissafin kuɗin. Idan na ɗaya naira 500,000 zai samu, na biyu 300,000, na uku 200,000, aka yi kunnen doki a sama, to a haɗa kyautar na ɗaya da ta na biyu a raba biyu, kowa ya tafi da 400,000, ba za a sami na biyu ba a wannan shekara, mai bi musu kuma na uku ne da 200,000 ɗinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a raba 500,000 kaɗai tsakanin zakarun biyu, kowa ya samu 250,000, sannan a ɗago mai bi musu zuwa mataki na biyu ya karɓi 300,000, wato wanda aka kayar ya fi waɗanda suka kayar da shi kuɗi. Idan kyautar ba mai rabuwa ba ce, kamar gurbin bita guda ɗaya ko kwangilar buga littafi ɗaya, sai a jefa ƙuri'a a gaban marubutan biyu ko wakilansu, a kuma faɗa a sanarwa cewa labaran sun yi daidai ne, ƙuri'a ce ta raba su, domin wanda ƙuri'a ba ta faɗa wa ba ya riƙe matsayinsa na wanda ya yi ɗaya a takardar shaidarsa.

Bayan sanarwa, takardun maki na asali masu sa hannun alƙalai da kwanan wata su zauna a hannun magatakarda na wani lokaci da doka ta ƙayyade, tare da takardar da ta haɗa lambobi da sunaye, wadda bai kamata a buɗe ta ba sai bayan an sa hannu a sakamako. Marubucin 31, wanda wataƙila wani ya tsegunta masa cewa shi ne ya fi kowa jimillar maki, zai zo da ƙorafi, kuma abin da za a nuna masa shi ne teburin da aka rufe sunayen alƙalai a kansa, da matakin da kowannensu ya ba labarinsa, huɗu da huɗu da ɗaya, da sakin layin dokar gasa da aka wallafa tun ranar da aka buɗe karɓar labarai, wanda ya ce da jimillar mataki za a yi hukunci.